Kwanon Bandir ko Dogon Kwano: Abin da Ya Kamata Maigida Ya Sani Kafin Ya Yi Rufi

Duk shekara idan zafin bazara ya tsananta, gizagizai suka fara taruwa a gabas, za ka ga magidanta sun nufi kantunan kayan gini, kowa yana son ya rufe ɗakinsa kafin ruwan farko ya sauka. A nan ne kuma tambayar nan take tasowa, wadda aka sha yi mana: shin kwanon da muka sani tun kaka da kakanni za a saya, mai ƙananan tudu da kwari, wanda ake sayarwa bandir-bandir, ko kuwa dogon kwanon alminiyum, wanda masu gini a nan suke kira bak-alu, wanda ake yanko wa mutum daidai tsawon ɗakinsa? Amsar da aka saba ji a bakin kasuwa ita ce wai kwanon bandir na talaka ne, dogon kwano na mai hali. Mu dai ba mu yarda da wannan rabo ba. A ganinmu sunan ƙarfen ba shi ne yake yanke hukunci ba. Kaurinsa da yadda aka kafa shi su ne suke nuna ko rufin zai ga jikoki, ko kuwa hadarin shekara ta uku zai kai shi gidan maƙwabta.

Bari mu fara da sanin abin da kowannensu ya ƙunsa. Kwanon bandir baƙin ƙarfe ne da aka murje shi ya zama falle, sa'an nan aka tsoma shi cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kimanin digiri 450, tutiyar ta lulluɓe shi ciki da waje. Hasken nan da muke gani a jikin sabon kwano na tutiya ne, ƙarfen yana ɓoye a ƙarƙashinta. Dabara ce tsohuwa, domin wani injiniya a Landan mai suna Henry Palmer shi ne ya yi rajistar lanƙwasa kwano a 1829, wani Bafaranshe kuma mai suna Stanislas Sorel ya yi rajistar lulluɓe ƙarfe da tutiya a 1837. Shi kuwa dogon kwano, idan na gaskiya ne, alminiyum ne tun daga sama har ƙasa, babu wani ƙarfe a cikinsa da zai yi jar tsatsa. Yana zuwa a naɗe kamar tabarma, a zura shi cikin inji ya fitar masa da dogayen haƙarƙari, a datse shi a tsawon da mai saye ya nema.

Mun ce "idan na gaskiya ne" da gangan. Akwai dogon kwano da yawa a kasuwa wanda siffarsa ɗaya da na alminiyum, har da fenti ja ko kore ko shuɗi, alhali kuwa baƙin ƙarfe ne a ciki. Wani an lulluɓe shi da tutiya, wani kuma da garwayen alminiyum da tutiya, wanda ake kira aluzin. Ba kayan banza ba ne, aluzin ma yakan fi tutiya zalla daɗewa a sarari, amma ba daidai ba ne a sayar wa mutum da shi a kan kuɗin alminiyum. Gane shi ba wuya. A je kanti da ɗan mayen ƙarfe a aljihu, irin wanda ake cirowa daga tsohuwar lasifika. Idan ya manne wa kwanon, ƙarfe ne. Idan ya zame ya faɗi, alminiyum ne.

Sai batun kauri, wanda a nan ne aka fi cutar mai saye, domin ido ba ya iya rarrabe kwano mai kaurin milimita 0,20 da mai 0,30, alhali a bisa ɗaki bambancinsu kamar na dare da rana ne. A ƙasashenmu masu amfani da Faransanci ana faɗin kauri da kashi cikin goma ko cikin ɗari na milimita: idan aka ce 6/10, ana nufin milimita 0,6, idan aka ce 35/100, ana nufin 0,35. Kayan da ke shigowa daga Nijeriya kuwa an fi faɗin nasu kai tsaye, a ce 0,45 ko 0,55 ko 0,70. Akwai kuma tsohon lissafin Ingilishi na geji, wanda yake tafiya a baibai: gwargwadon girman lambar, gwargwadon sirantar kwanon, wato geji 32 ya fi geji 28 siranta. Duk wannan magana ce ta baki da ta takarda. Abin da ba ya ƙarya shi ne sikeli.

Ga yadda ake yi. Baƙin ƙarfe mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, idan kaurinsa milimita ɗaya ne, nauyinsa kilo 7,85 ne. Alminiyum mai wannan girma kilo 2,7 ne kawai. To, a ɗauki fallen kwano mai tsawon mita 2 da faɗin santimita 90. Kafin a lanƙwasa shi faɗinsa kimanin mita ɗaya ne, wanda mutum zai iya tabbatarwa idan ya bi tudu da kwarin da zare sa'an nan ya miƙe zaren ya auna. Ke nan akwai murabba'in mita 2 na ƙarfe a cikin fallen. Idan kaurinsa 0,20 ne, zai yi kilo 3 da ɗan ɗoriya. Idan 0,30 ne, zai yi kilo 4,7. Idan 0,45 ne, zai kai kilo 7. Saboda haka wanda aka ce masa kwanon 0,30 ne, ya ɗora falle goma a sikeli ya ga kilo 32 maimakon 47, ya san abin da ake shirin sayar masa. Idan fallen ya fi wannan gajarta ko ƙunci, kamar yadda na wasu bandir yake, sai a ninka tsawo da faɗin zaren, a ninka da kaurin da aka faɗa, a ninka da 7,85. Haka ma dogon kwano, sai dai a sa 2,7 a madadin 7,85. Ɗan kasuwa mai gaskiya ba zai ƙi a auna kayansa ba, wanda kuwa ya ɓata rai don an nemi sikeli ya riga ya ba da amsa.

Wani kuskure da ya yaɗu shi ne a kwatanta lambar wannan da ta wancan kai tsaye, a ce tun da alminiyum ɗin 0,35 ne, kwanon bandir kuma 0,30, to alminiyum ya fi ƙarfi. Ba haka ba ne. Alminiyum ya fi baƙin ƙarfe saurin lanƙwashewa har ninki uku. Kafin fallensa ya yi tauri daidai da na ƙarfe a ƙarƙashin ƙafar mutum ko bugun guduma, sai kaurinsa ya kusan ninki ɗaya da rabi na ƙarfen. Wato ƙarfe mai 0,35 sai alminiyum mai 0,50 ne tsaransa. Abin da ke taimakon dogon kwano shi ne haƙarƙarinsa sun fi tudun kwanon bandir tsayi. Tudun kwanon bandir milimita 18 ne, daga wannan tudu zuwa wancan kuma milimita 76, haƙarƙarin dogon kwano kuwa yakan kai milimita 25 zuwa 40, shi ya sa yake iya miƙewa tsakanin katako da katako ba tare da ya lotsa ba. Amma tsayin haƙarƙari ba ya hana siririn alminiyum yagewa a bakin ƙusa, kuma a bakin ƙusa rufi yake mutuwa. Shi ya sa muke ganin dogon kwanon da bai kai 0,50 ba bai cancanci ɗakin kwana ba, 0,60 ya fi kwanciyar rai. Araha ba ta ado.

Domin maganar ta fito fili, bari mu ɗauki misalin gini irin wanda aka saba yi a Maraɗi ko Damagaram: ɗakuna uku a jere, tsawonsu mita 12, rufi mai gangare ɗaya, wanda daga samansa zuwa bakin zubar ruwa mita 7,4 ne.

Idan da kwanon bandir mai tsawon mita 2 za a rufe, dole kowane falle ya hau na ƙasa da shi da santimita 20. Falle huɗu a jere daga ƙasa zuwa sama za su ba da mita 8, a cire hawa uku na santimita 20, saura mita 7,4 daidai. Ta gefe kuma, idan aka hau tudu biyu kamar yadda ya dace da wurin da ruwa ke zuwa da iska, kowane falle santimita 76 kawai yake rufewa, don haka ana bukatar layi 16 kafin a cika mita 12. Jimla falle 64 ke nan, wato bandir uku na falle ashirin-ashirin da ƙarin falle huɗu. A lura da wani abu a nan: an sayi kwanon da shimfiɗarsa ta kai murabba'in mita 115 don a rufe murabba'in mita 89. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin ya tafi a hawa. Wanda ya kwatanta farashin falle da farashin mitar dogon kwano bai sa wannan a lissafi ba, ya ruɗi kansa. Kafintan da ya ce zai rufe ɗakin da falle 55 kuwa, a hawan zai rage, kuma damina za ta tona shi.

Idan da dogon kwano ne mai rufe faɗin mita ɗaya, falle 12 ake bukata, kowanne mita 7,4, babu haɗi ko ɗaya daga sama har ƙasa. Wannan rashin haɗi shi ne babbar falalarsa, ya ma fi kasancewarsa alminiyum muhimmanci. Dalili kuwa shi ne yadda muke gini. Mun fi son rufi mai kwanciya, ɓoye a bayan rawanin katanga, saboda iska da kuma kyan gani. To, kwano mai haɗi yana son gangare sosai, aƙalla santimita 18 a kowace mita, domin ruwa ya gudu kafin ya sami zarafin komawa baya ta ƙarƙashin hawan. A misalinmu wannan yana nufin bangon sama ya fi na ƙasa tsayi da fiye da mita ɗaya da santimita 30, abin da magina da yawa ba sa yi. Sai a ba shi rabin haka, rairayin hunturu ya taru a bakin kowane haɗi, ruwan farko ya jiƙa shi, laima ta kwanta a tsakanin falle biyu inda iska ba ta shiga. Daga nan tsatsa take farawa, daga nan kuma ɗigar nan take fitowa wadda ake ta neman hujinta ba a gani. Dogon kwano marar haɗi yana iya zama lafiya a kan rabin wannan gangaren. Don haka wanda ya riga ya ɗaga bango, gangarensa kuma kaɗan ne, kusan ginin ya riga ya zaɓa masa.

Ta wajen nauyi, falle 64 na 0,30 za su yi kimanin kilo 300. Dogon kwano mai 0,60, idan faɗinsa kafin lanƙwasa mita 1,2 ne, zai yi kimanin kilo 170. Wasu suna cewa ai shi ya sa iska ta fi ɗaukar alminiyum. Wannan ba shi ne dalili ba. Iska mai gudun kilomita 100 a awa, irin wadda kan zo a gaban hadari, idan ta bi ta kan rufi mai kwanciya tana tsotsarsa sama da ƙarfin da zai kai kilo 45 zuwa 50 a kowane murabba'in mita, a gefuna da kusurwoyi ma ya fi haka. A bisa rufinmu na misali, wajen tan huɗu ke nan. A gaban tan huɗu, kilo 300 da kilo 170 duk ɗaya ne. Abin da ke riƙe rufi shi ne ƙusa ta kama kwano, katako ya kama ƙusa, sa'an nan ƙarfen ɗauri ya kama katako ya dasa shi cikin bango. Sau da yawa idan aka je kallon rufin da iska ta yaye, za a tarar kwanon yana manne da katakonsa, gaba ɗaya suka tashi, domin ba a ɗaure katakon da rodi ko waya mai kauri a cikin gini ba. Duwatsu da tsofaffin tayoyi da muke jerawa a bisa kwano shaida ce ta cewa ba mu amince da ɗaurin ba.

Wannan ya kawo mu ga kafi. Ƙa'idar farko ta haɗa su duka: a kan tudu ake huda kwano, ba a cikin kwari ba, domin kwari hanyar ruwa ce. Ta biyu, a fara jera kwano daga ɓangaren da iska ba ta fitowa. Tun da hadarinmu daga gabas yake tasowa, sai a fara daga yamma a nufi gabas, kowane sabon falle ya hau na baya, bakin hawan ya dubi yamma, iska ta bi ta kansa ta wuce maimakon ta shiga ƙarƙashinsa. Abu ne da ba ya cin ko dala, amma sai an tsaya a kan ma'aikata kafin su kula da shi.

Kwanon bandir a kan katako ana kafa shi da ƙusa mai hula, wadda ita ma aka lulluɓe da tutiya, da zoben roba a ƙarƙashin hular. Mai murɗaɗɗen jiki ta fi mai santsi riƙo nesa ba kusa ba, domin mai santsi tana zarewa a hankali idan katako ya bushe. A misalinmu, idan aka jera katakon gicciye a kowane santimita 90, za a sami layi tara, kuma kowane haɗi zai faɗo daidai kan katako, wanda haka ake so. A layin sama da na ƙasa da layukan haɗi uku a buga ƙusa a kowane tudu na biyu, a sauran layuka huɗu a kowane tudu na uku. Jimla wajen ƙusa 600. Kada a buga har tudun ya lotsa, domin lotsattsen tudu ƙaramin tafki ne a kewayen huji. Idan kuma a kan ƙarfe za a kafa, kamar yadda ake yi yanzu saboda gara da tsadar katako, sai a yi amfani da ƙugiya mai noti ko ƙusa mai murɗi wadda ake kira bis.

Dogon kwano ya fi wannan neman kulawa, kuma dalilin yana cikin halin alminiyum. Kowane ƙarfe yana miƙewa idan ya ji zafi, ya takure idan ya huce, amma alminiyum yana yin ninki biyu na abin da baƙin ƙarfe ke yi. A watan Afrilu ba abin mamaki ba ne a sami bambancin digiri 50 tsakanin zafin kwano da asuba da zafinsa da azahar. A wannan bambanci, fallen ƙarfe mai mita 2 zai ƙaru da milimita ɗaya da ɗan kai, abin da ba ya damun kowa. Fallen alminiyum mai mita 7,4 kuwa zai ƙaru da kusan milimita 9, ya koma da dare, gobe ya sake, haka kullum har shekaru. Idan aka kafa shi da ƙusar guduma aka matse shi tam, ba shi da inda zai tafi sai ya ci bakin hujinsa. Hujin da ya fara a zagaye sai ya koma dogo, ruwa ya sami ƙofa, iska kuma ta sami inda za ta fara yaga. Maganin shi ne a huda da na'ura, hujin ya ɗan fi ƙusar faɗi da milimita biyu ko uku, a ɗora ɗan sirdin alminiyum da ya dace da siffar haƙarƙarin, da zoben roba mai jure rana, sa'an nan a murɗa har robar ta zauna, ba har ta fantsaro gefe ba. Sirdin nan yana baza ƙarfin iska a wuri mai faɗi. Shi ne kuma abin da ake fara zubarwa idan ana son rage kuɗi, alhali shi ne ran aikin.

Akwai kuma abokan zaman da alminiyum ba ya shiri da su. Idan ya jingina da tsiraran baƙin ƙarfe ko jan ƙarfe, laima kuma ta shiga tsakani, shi ne yake cinyewa a wurin haɗuwar. Don haka a shafe ƙarfen gicciye da fenti ya bushe kafin a ɗora kwano, kada kuma a yi amfani da baƙar ƙusa. Na biyu shi ne ɗanyen siminti. Al'adarmu ce a tura bakin kwano cikin rawanin katanga a liƙe da siminti, alhali ɗanyen siminti yana cin alminiyum, yana kuma cin tutiya. Bugu da ƙari, fallen da ke motsi da milimita 9 ba zai zauna cikin siminti ba tare da ya tsaga shi ba. Abin da ya dace shi ne a shafa kwalta a bakin da zai shiga bango, ko mafi kyau a bar kwanon ya tsaya dab da bango, a rufe haɗin da lanƙwasasshen falle wanda aka cusa samansa cikin bango, ƙasansa ya sauko ya rufe kwanon ba tare da ya ɗaure shi ba. Yawancin ɗigar da ke bin bango tana ɓata fenti daga wannan wuri take.

Game da ƙara ba za mu tsawaita ba, domin gaskiyarta gajera ce: dukansu suna da ƙara. Ruwan sama a kan tsiraran kwano ganga ne, kuma gwargwadon sirantar falle da rashin nauyinsa, gwargwadon amonsa. Siririn alminiyum ba ya fin kwanon ƙarfe mai kauri shiru, sau da yawa ma ya fi shi tsiwa. Yana kuma da tasa ƙarar ta daban, wato ƙas-ƙas ɗin nan da ake ji da hantsi idan rana ta fara dukansa, da kuma bayan magariba idan yana hucewa. Motsin da muka ambata ne, kuma idan ya yi yawa alama ce ta an matse kafin fiye da kima. Kwanon bandir kuwa idan ya fara kaɗawa yana bugun katako duk lokacin da iska ta taso, ƙusoshinsa ne suka zare, a hau a duba kafin damina. Wanda yake son ya ji maganar iyalinsa ana ruwa, filafon zai yi, wanda ƴan uwanmu na Nijeriya ke kira silin, ya bar sarari tsakaninsa da kwano. Idan ya sami halin shimfiɗa audugar gilas a bisa filafon ɗin, ya rage ƙara da zafi gaba ɗaya. Ko zana ko tabarmar kaba da mutanen karkara suke sawa a ƙarƙashin kwano tana yin aiki, sai dai a kula da gara da wuta. Kuɗin da za a ƙara don sauya irin kwano saboda ƙara kawai, gara a sa shi a filafon.

Saura tsawon rai. Kwanon bandir yana rayuwa ne gwargwadon tutiyar da ke jikinsa, domin ita ce take cinyewa a hankali a madadin ƙarfen, har ma takan kare ɗan wurin da aka ƙarce. Ranar da ta ƙare, ja ya bayyana, kuma siririn ƙarfe ba ya jimawa bayan haka. Ana faɗin yawanta da lamba: Z275 yana nufin giram 275 a kowane murabba'in mita idan aka haɗa fuska biyu, wato kaurin kimanin mikron 19 a kowace fuska, mikron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Z100 mikron 7 ne kawai. A busasshiyar iska irin tamu tutiya ba ta rasa ko mikron ɗaya a shekara, shi ya sa ake ganin tsofaffin kantuna da tashoshi da kwanonsu na shekaru aru-aru yana nan. A bakin teku kuwa, inda iska ke ɗauke da gishiri da laima, tana iya rasa mikron biyu zuwa huɗu ko fiye a shekara. Mai karatu ya raba da kansa: mikron 7 a irin wannan wuri shekara biyu ko uku ne. Saboda haka ƴan uwanmu mazauna Kwatano da Lome da Duwala, su dai alminiyum ne nasu, ko da ya fi tsada, domin shi yana yi wa kansa wata siririyar fata da iska wadda take hana shi ci gaba da lalacewa. A Kamaru ma abin ya zo musu da sauƙi, tun da ana narka alminiyum a Edeya tun 1957. Amma mutumin Tawa ko Agadas da zai biya ninkin kuɗi don tsoron tsatsa kaɗai, yana sayen maganin cutar da ba ta cika kama shi ba.

A wajenmu abin da ke kashe kwanon ƙarfe da wuri yawanci daga hannunmu yake. Akwai ganyen dogon yaro da rairayi da ake bari su kwana a kwari da bakin indararo suna riƙe laima. Akwai hayaƙin madafa da tururin fitsarin dabbobi, waɗanda suke cin kwano daga ciki, shi ya sa rufin kicin da na turke suke riga na ɗaki hujewa. Akwai yanka kwano da injin gurza, wanda yake ƙone tutiyar bakin yankan, ya kuma watsa tartsatsin ƙarfe a kan fallen, kowane ɗigo ya zama tabon tsatsa. Almakashin kwano shi ne daidai. Akwai kuma ajiye bandir a ƙasa ruwa ya shiga tsakanin fallayen, ya fito da farin gari kamar alli, wanda tutiya ce ta lalace tun kafin kwanon ya hau ɗaki. Wanda ya ga wannan farin gari a kanti ya nemi wani bandir. Idan kuma tsohon rufi ya fara ja amma bai huje ba, a goge shi da burushin waya, a shafa fentin hana tsatsa, zai ƙara shekaru.

Shi kuma alminiyum ba tsatsa ke kashe shi ba, yagewa ce da lotsawa. Duk wanda zai hau, ko mai kafa faranti na tauraron ɗan adam ko mai sa allon hasken rana, ya taka daidai layin ƙusoshi inda katako yake, ko ya shimfiɗa allo. Zoben roba ma yana da nasa wa'adi, rana tana busar da shi ya tsage tun kwanon yana da sauran rai, sai a bi a sauya. A gobara alminiyum yana narkewa a digiri 660, ƙarfe kuwa sai wajen 1500, abin da ya kamata mai rufin gidan burodi ko maƙera ya tuna. A ɗaya ɓangaren kuma, tsohon alminiyum ba ya zama shara, domin masu zubin tukwane suna sayensa da kilo.

To, wanne za a saya? Idan gangaren rufi kaɗan ne, ko ɗakin yana da zurfi, ko gidan yana ƙasar laima, kuma aljihu zai kai ga 0,50 ko 0,60 tare da sirdinsa da bis ɗinsa da ma'aikacin da ya iya, a sayi dogon kwanon alminiyum. Idan kuɗin ba zai kai nan ba, kada a sauko zuwa alminiyum mai 0,35 don a ce an yi na zamani. A sayi kwanon bandir mai 0,30 ko sama da haka, a ɗaga bangon sama ya ba da gangare, a hau tudu biyu, a ɗaure katako cikin gini. Kuma kafin a biya, a sa mai kanti ya rubuta a takardar ciniki irin ƙarfen, da kaurinsa, da lambar tutiyarsa idan na ƙarfe ne, da adadin falle da tsawonsu. Ranar da mota ta kawo kayan, a sake ɗora falle goma a sikeli kafin a sauke sauran.